Na Manta, Ki Yafe Mini: Taya Murnar Ranar Haihuwa Bayan Ta Wuce

Yawanci a waya ake gano ɓarnar. Mutum yana zaune bayan sallar isha'i yana duba WhatsApp, sai ya ci karo da hoton ƙanwarsa riƙe da wuƙar yanka kek, a ƙasa ta rubuta godiya ga duk waɗanda suka taya ta murna shekaranjiya. Ko kuma Umma ce za ta jefo maganar cikin hira: "Ashe ba ka kira Auta ba ranar Talata? Ta yi ta cigiyarka." Nan take gaba ya faɗi. An san watan, an san ranar, har an ƙudurta a rai cewa bana za a riga kowa, amma hidimar kasuwa ko ta ofis ta sha kai, rana ta zo ta wuce.

Abin da mutum ya yi a 'yan mintocin da suka biyo baya shi ne ke gyara lamarin ko ya ƙara dagula shi. Wasu sukan yi gum, su ce tunda ta wuce ta wuce. Wasu su ƙirƙiro uzuri. Wasu kuma su tura dogon saƙo mai cike da ban haƙuri, har mai ranar ta koma ita ce ke lallashinsu. A ganina duk ukun kuskure ne. Hanyar da ta fi fita ita ce a faɗi gaskiya a gajarce, a ɗan zolayi kai kaɗan, sannan a ba wa murnar da addu'ar kaso mafi tsoka na saƙon. Faɗinsa da sauƙi, amma wajen aiwatarwa akwai wuraren da ƙafa ke zamewa.

Kafin a kai can, ya kamata a san dalilin da ya sa mantuwar ta yi yawa a tsakaninmu. Bahaushe bai taso da ƙirgar ranar haihuwa ba. Bikin da ya sani shi ne na suna, ranar bakwai, a raɗa suna, a yanka rago, a yi wa jariri aski. Daga nan abin da ake riƙewa shi ne ranar mako da lokacin shekara, kuma a cikin suna ake adana su. Ɗanladi da Ladi ranar Lahadi suka zo duniya, Talatu ranar Talata, Balarabe da Laraba ranar Laraba, Ɗanlami da Lami ranar Alhamis, Ɗanjuma da Jummai ranar Juma'a, Asabe ranar Asabar. Azumi a watan azumi, Sallau da Tasalla lokacin salla. Shekarar kuwa da wani babban al'amari ake auna ta. Tsoho zai ce maka an haife shi shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo Kaduna, wato 1956, wani ya ce yana goye aka kashe Sardauna a 1966, wata ta ce shekarar canjin kuɗi, lokacin da naira ta maye gurbin fam a 1973. A Nijar takardun dattawa da yawa shekara kaɗai suke ɗauke da ita, an rubuta cewa wajejen shekara kaza aka haife su. A Najeriya kuma mutane da dama sun wayi gari da 1 ga Janairu a takardunsu, saboda ranar da magatakarda ya fi saurin rubutawa ke nan idan mai takarda bai san tasa ba.

To, wanda ya tashi a gidan da ba a taɓa cewa "yau ranar haihuwar wane ce" ba, riƙe ranakun mutum ashirin a ka ba zai zo masa da sauƙi ba. Makaranta da takardar asibiti ne suka fara kafa ranar, waya ta zo ta ɗaukaka ta. Facebook yana tunatar da mutum ranar abokinsa idan abokin ya saka ta kuma bai ɓoye ba. WhatsApp ba ya tunatarwa, sai dai ka gani a Status, wanda tun da aka kawo shi a 2017 awa 24 kawai yake yi ya ɓace. Wanda datarsa ta ƙare ranar, ko ya wuni a gona ko a hanya, zai iya dawowa ya tarar an gama shagali an share wuri.

Sai dai wannan bayani na mai karatu ne, bai kamata ya shiga cikin saƙon ba. Yarinyar da aka haifa a asibiti, ta yi makaranta, ƙawayenta suka cika mata waya da hotuna tun ƙarfe goma sha biyun dare, ba ta buƙatar a karanta mata tarihin kakanninta. Abin da ta lura da shi ɗaya ne: cikin duk waɗanda suka gaishe ta babu yayanta. Kek da kyauta ba su ne damuwarta ba. Tambayar da ke ranta ita ce ko har yanzu tana da matsayin da take zato a wurinsa.

Ƙaryar da waya ke tonawa

Uzurin farko da ke zuwa baki shi ne na waya. Babu sabis, caji ya ƙare, na tura saƙo bai shiga ba, wayar tana wurin mai gyara. Shekarun baya ana iya tsira da wannan. Yanzu wayar da kanta ce shaidar da za ta tsaya a kanka. Idan ka buɗe Status ɗin mutum, sunanka yana fitowa a jerin waɗanda suka gani, sai fa idan ɗayanku ya kashe alamar karanta saƙo. Idan ka yi magana a zauren dangi ranar, ga saƙonka nan da lokacinsa a jiki. Idan ka ce ka tura bai shiga ba, ana iya cewa ka nuna, domin saƙon da bai tafi ba yana nan zaune a wayarka da 'yar alamar agogo. Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, kuma irin wannan ko furen ba ta kaiwa.

Ko da ba a kama ka ba, akwai asara. Mantuwa ƙaramin laifi ce, kowa yana yinta, kuma mai ranar ita ma ta taɓa manta ta wani. Da zarar ka ɗora mata ƙarya, ka mayar da abin da za a yafe da dariya ya koma abin da za a riƙa tunawa. Mutum yana iya yafe wa wanda ya manta da shi cikin minti ɗaya, amma wanda ya raina masa hankali yakan daɗe a rai.

Akwai kuma uzurin gaskiya wanda shi ma bai dace ya mamaye saƙon ba. A ce da gaske kana jinyar yaro a asibiti ranar. Faɗe shi, amma a jimla ɗaya, kuma bayan ka riga ka amsa cewa ranar ta wuce ka. Idan ka buɗe da labarin wahalarka, ka ƙwace mata ranar ka mayar da ita taka, dole ta ajiye nata ɓacin ran ta fara yi maka sannu.

Mu ɗauki misali guda mu bi shi daki-daki. Wani magidanci ne a Kano, yana da shagon kayan masarufi. Ƙanwarsa, autar gidansu, tana aure a Zariya, ranar haihuwarta 14 ga Maris. Bai tuna ba sai daren 17 ga wata. Duk shekara yakan kira ta da safe ya tura mata ɗan kuɗin kati, don haka shirunsa na bana ya fito fili.

Abin da ya fara rubutawa shi ne: "Auta, barka da zagayowar ranar haihuwa. Allah ya ƙaro shekaru masu albarka." Babu aibu a kalmomin, amma saƙon ya yi kamar yau ce ranar. Ita ta san kwana uku sun wuce, shi ma ya sani, kuma ya zaɓi ya tsallake maganar. Za ta karanta ta ɗauka ko dai bai ma san ainihin ranar ba, ko kuma ya ga makarar ba ta kai a ambata ba. Duka biyun babu daɗi.

Sai ya goge ya rubuta na biyu: "Auta, don girman Allah ki yi haƙuri, wallahi ban san yadda aka yi ba, kin san yanayin kasuwa yanzu, ga kaya sun yi tsada, ga yaron shago ya gudu, ni kaɗai nake fama, na ji kunya ƙwarai, ban kyauta ba, ki yafe mini." Wannan gaskiya ce tsantsa, amma a duba abin da ke ciki. Daga farko har ƙarshe maganar kansa yake yi. Babu murna, babu addu'a, ranar haihuwar ma ba a ambace ta ba. Rantsuwa da yawan roƙo sun kuma kumbura laifin har ya fi girmansa, kamar wanda ya ci amanar dukiyar marayu.

Na ukun shi ne ya tafi: "Auta, yayanki ya yi abin kunya. Ranar 14 ta zo ta wuce ban kira ki ba, kuma ba ni da uzuri, mantawa na yi. Da alama furfurar nan ta fara aiki a cikin kan ma. Barka da ƙarin shekara, ƙanwata. Ban manta yadda kika tsaya a kan Umma lokacin jinyarta bara ba, Allah ya saka miki da 'ya'ya masu yi miki fiye da haka, ya ƙara lafiya da zaman lafiya a gidanki. Gobe bayan la'asar zan kira ki, ki shirya tarar da za ki ci ni."

A lura da tsarinsa. Ya ambaci ranar da lambarta, wanda ya nuna ya san ta, kuskurewa ta yi. Ya ce "mantawa na yi" ƙarara, kalma uku, ba tare da kewaye-kewaye ba. Wasan jimla ɗaya ne, kuma a kansa ya faɗa, furfurarsa ce aka zolaya. Daga nan ya juya gaba ɗaya zuwa gare ta, ya kawo wani abu da ita kaɗai ya dace da shi, wato tsayuwarta a jinyar mahaifiyarsu, ya gina addu'ar a kai. Wannan ne ya raba saƙon da irin waɗanda ake kwafowa daga wani wuri a tura wa mutum goma. A ƙarshe ya yi alkawarin abu ƙarami, mai lokaci, wanda zai iya cikawa, ya kuma miƙa mata sandar hukunci da maganar tara. Ya ba ta damar ta rama cikin raha, ta ce sai ya kawo atamfa ko kilishi, kuma da zarar ta fara yanka tara, fushin ya wuce.

Wanda ya lissafa zai ga ban haƙurin bai kai kashi ɗaya cikin uku na saƙon ba. Haka ya kamata ya kasance. Sunan abin dai saƙon taya murna ne, makarar ƙaramin bayani ce a bakin ƙofa.

A kan wa wasan zai faɗa

Nan ne mutane suka fi yin tuntuɓe. Ƙa'idar ita ce wanda ya yi laifi shi ake yi wa dariya. Mantuwarka, tsufanka, kanka da ya cika da lissafin bashi, duk naka ne, ka yi yadda ka so da su. Amma shekarun mai ranar, jikinta, rashin aurenta ko rashin haihuwarta, waɗannan ba wurin wasan wanda ya makara ba ne. Wani zai rubuta, "Ai na yi miki alheri ne da ban tuna miki kin ƙara tsufa ba." Tsakanin ƙawayen da suka saba caccakar juna yana iya wucewa. Amma ga budurwar da ta haura talatin, wadda kullum ake yi mata gorin aure a gida, wannan jimla tana iya sa ta kuka. Ka makara, sannan ka zo da tsokana a kan abin da ke ci mata tuwo a ƙwarya.

Wani wasan kuma a fuska raha ne, a ciki ɗora laifi ne: "Ke ma ai ba ki tuna mini ba," ko "Yaushe muka fara wannan bidi'ar ta bazde a gidanmu?" Na farkon ya mayar da nauyin kanta. Na biyun ya raina abin da ta ɗauka da muhimmanci. Ko an yi dariya a ƙarshensu, saƙon da suke isarwa shi ne ba ka ga laifinka ba.

Akwai wata zolaya da ake yawan ji, mutum ya ce ai shi da kalandar Musulunci yake lissafi. Tana da daɗi idan an faɗe ta a matsayin wasa ƙarara, amma kada a yi zaton za ta zama uzuri. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, ta Miladiyya 365 ko 366, don haka ta Hijira tana riga zagayowa da kusan kwana 11 duk shekara. Wanda ke bin watan Musulunci da gaske sammako zai yi. Idan ƙanwar ta cika shekara 25, ranarta ta Hijira ta riga ta wuce da kusan wata tara. Sai a wajejen shekara 33 ne ranakun biyu suke sake kusantar juna. Mai ranar idan ta iya lissafi za ta kama ka da hannu biyu, kuma wataƙila dariyar da za a yi a nan ta fi wadda ka shirya.

Girman wasan kuma dangantaka ce ke yanka shi, kuma mu a nan ba sai an koya mana ba, al'ada ta riga ta shata iyakokin. Taubasai, wato ɗan mace da ɗan namiji, an ba su lasisin tsokanar juna tun suna yara. Mutum zai iya rubuta wa taubashiyarsa: "Ranki ya daɗe, bawanki ya makara. Na manta, kuma na san sai na biya. Allah ya ƙara miki shekaru da arziki, ko na samu mai riƙe ni." Haka jika da kaka: "Matata ta kaina, angonki ya yi laifi, ranarki ta wuce bai leƙo ba. Kada ki yi yaji, ina tafe da goro." Tsohuwa za ta yi dariya ta ce ta riga ta sake shi. Bakano da Bazazzagi, Bafillace da Babarbare, su ma suna da filin da za su baje. Sai dai ko a nan, jimlar amsa laifi ta fara zuwa kafin tsokanar.

Ga iyaye kuwa wasan yakan ragu har ya kusa ɓacewa. Mahaifi ko mahaifiyar da 'ya'ya suka saba yi wa murnar ranar haihuwa, kira ya fi dacewa da su, ko zuwa da ƙafa idan gari ɗaya ake. A gaisa tukuna yadda aka saba, sannan a ce: "Umma, ku yi haƙuri, ranar Talata ta wuce ban kira na yi muku barka ba, shafa'a na yi. Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, ya bar mana ku." In akwai raha, ita za ta fara, kai kuma ka bi. Suruki da suruka kuwa kunya ce a tsakani, babu wurin zolaya sam. Shugaba a wurin aiki shi ma jimla biyu sun isa: "Ranka ya daɗe, sai yau na farga ranar ta wuce, a gafarce ni. Allah ya ƙara lafiya da ɗaukaka." Tsawaita ban haƙuri ga shugaba yakan yi kama da neman wani abu.

Tsakanin miji da mata lamarin ya fi nauyi, domin gida ɗaya ake kwana, ta ga ka tashi, ka karya, ka fita, ka dawo, ba ka ce komai ba. Saƙon waya kaɗai ba zai wadatar ba. A tura shi don ya share hanya, amma a faɗi maganar baki da baki, kuma a shigo da wani abu a hannu ko da tsire ne mai zafi. Mai mata biyu ya ƙara kula. Idan ya tuna ranar amarya da kek da hotuna, ya zo ya manta ta uwargida, to ba mantuwa za ta gani ba, fifiko za ta gani. A irin wannan hali a ajiye wasa gefe, a amsa laifi a fili, a kuma yi mata daidai da abin da aka yi wa abokiyar zamanta. Raha za ta iya zuwa daga baya idan fuska ta saki.

Wasu lokutan ma wasan bai da gurbi ko da wa ake magana. Idan mai ranar yana cikin zaman makoki, ko yana kwance, ko bai daɗe da rasa aiki ko aure ba, a bar shi da gaskiya da addu'a kawai. Sannan akwai waɗanda ba sa bikin ranar haihuwa saboda fahimtarsu ta addini, domin malamai sun saɓa a kan lamarin. Wanda ka san haka yake, babu abin da ka makara a kai, kada ka je kana ba shi haƙuri a kan abin da bai nema ba. Gaisuwar zumunci ta yau da kullum ta ishe shi.

Kwana nawa ne ya yi yawa? Babu dokar da ta yanke, amma ga yadda nake aunawa. Cikin kwana uku na farko rubutaccen saƙo ko na murya ya isa ga aboki da ɗan'uwa. Saƙon murya yana da fifiko guda: ana jin murmushi da nadama a cikin murya, alhali rubutu yakan fito a bushe, wasa ya koma kamar gatse. Idan an haura mako, a kira. Idan wata ya zagayo, saƙo shi kaɗai zai yi kama da sauke nauyi, gara a haɗa da ziyara ko aike, tunda zumunta a ƙafa take. Abin da ba shi da amfani shi ne jinkirta saƙon don kunya. Kunyar ba ta raguwa da kwanaki, ƙaruwa take yi, kuma kowace rana da ta wuce tana ƙara tsawon bayanin da za ka yi. Lokacin da ka tuna, lokacin ne na turawa, sai dai idan dare ya yi nisa ga matar aure ko dattijo, a bari sai da safe.

Wurin da za a tura ma abin dubawa ne. A fara da keɓantaccen saƙo. Wanda ya je zauren dangi ya rubuta ban haƙuri gaban mutum hamsin ya tilasta wa mai ranar ta yafe a bainar jama'a ko da ranta bai huce ba. Haka ɗora hotonta a Status bayan kwana huɗu: mutane za su ɗauka yau ce ranar, su sake cika mata waya, ta yi ta bayanin cewa ai ta wuce. Hoton matar aure ko budurwa kuwa ba a ɗora shi sai da izininta, a makare ko a kan lokaci.

Bayan an tura, amsar ce za ta nuna inda aka kwana. Idan ta dawo da tsokana, "Yaya, ai na rubuta sunanka a littafin masu laifi, tararka turmi ɗaya," to magana ta ƙare, sai cika alkawari. Idan ta ce "Amin, na gode, Allah ya bar zumunci," an karɓa, ko da akwai ɗan saura. Idan kuwa "Na gode" ce kawai daga mutumin da ya saba zuba hira, ko ɗan hoton babban yatsa, ko a karanta a yi shiru, to akwai sauran aiki. A nan kuskuren da ake yi shi ne a bi da ƙarin saƙonni, wasa a kan wasa, ko a fara ƙorafin "ai na ba ki haƙuri." Ka riga ka faɗi naka. Ka ba ta kwana ɗaya, sannan ka kira, ka saurara fiye da yadda za ka yi magana. Sau da yawa za ka tarar ranar haihuwar dalili ce kawai, ainihin ƙorafin shi ne wata uku ke nan ba ka neme ta ba.

Magidancin namu ya ce zai kira gobe bayan la'asar. Duk kyan saƙonsa a kan wannan kiran ya rataya. Idan la'asar ta yi ya sake shafa'a, ya yi laifi biyu, kuma na biyun ya fi na farko, domin wannan karon shi ya ɗauki alkawarin da bakinsa. Shi ya sa ba a yin alkawarin abin da ya fi ƙarfi don a burge. Kira a kan lokaci ya fi alkawarin leshi da ba zai zo ba.

Wasan furfura kuma sau ɗaya yake ci. Wanda ya turo irin saƙon nan bana, ya sake turo shi baɗi, ya mayar da gaskiyar tasa ta zama salo, kuma za a daina dariya. Maganin yana cikin wayar da ta tona asirin. A buɗe kalandar waya, a je ranar, a rubuta sunan mutumin, a zaɓi maimaitawa duk shekara, a sa tunatarwa biyu: ɗaya kwana guda kafin ranar don a shirya abin da za a aika, ɗaya da safiyar ranar. A tabbatar kalandar tana haɗe da adireshin imel, don kada ranakun su tafi tare da wayar idan ta ɓata ko aka sauya ta. Wanda aka haifa 29 ga Fabrairu, ranar da sai bayan shekara huɗu take zuwa, kamar 2024 da 2028, a sa tasa a 28 ga wata. Kuma kada a dogara da ranar da ke Facebook ko katin shaida ba tare da tambaya ba, musamman idan 1 ga Janairu ce. Tambayar mutum ainihin ranarsa ba abin kunya ba ne, yawanci daɗi ma yake ji.

Mai karatu, idan tun da ka fara karatun nan akwai sunan da ke yi maka yawo a rai, ɗauki wayar yanzu. Ka rubuta masa cewa ka manta, ka yi masa addu'ar da ta dace da halin da yake ciki, ka tura, sannan ka saka ranar a kalanda kafin ka ajiye wayar.